Yadda ake nemo harafin Sinanci a ƙamus na takarda: tambayoyi da amsoshi

Wanda ya ga kalmar Hausa da bai sani ba, zai buɗe ƙamus ya bi jerin a, b, ɓ, c har ya kai gare ta. Mai koyon Sinanci ba shi da wannan gata. Zai ga harafi a jikin kwali, ko a allon hanya, ko a littafin aji, bai san yadda ake furta shi ba, alhali ƙamus ɗin da ke hannunsa bisa furuci aka jera shi. Hanyar fita ita ce a bi siffar harafin: a gano jigonsa, sannan a ƙirga zanen da ya rage. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu koyo suka fi yi a kan wannan aiki.

Mene ne jigon harafi?

Yawancin haruffan Sinanci haɗi ne na ɓangarori biyu ko fiye. Masu ƙamus sukan zaɓi ɓangare ɗaya su ajiye harafin a ƙarƙashinsa. Wannan ɓangare shi nake kira jigo a nan, Sinawa kuma suna ce masa 部首 (bùshǒu). Dubi waɗannan haruffa: 河 kogi, 海 teku, 洗 wanki, 汗 gumi. Kowannensu yana da ɗigo uku a hagu, wato 氵, jigon ruwa. A sashe guda za ka same su duka a fihirisar ƙamus. Haka 打 duka, 拉 ja, 推 turawa, 抱 runguma, duk suna ƙarƙashin 扌, jigon hannu.

Wanda ya taɓa neman kalma a ƙamus na Larabci irin na da ya san kamannin wannan aiki. Ba ka neman kalmar yadda ka gan ta, sai ka fara tuɓe mata ƙari ka gano asalinta, sannan ka je babin asalin. Bambancin kawai shi ne a Sinanci ido ne ke yin tuɓewar, ba ilimin sarfu ba.

Sau da yawa jigon yana nuna ɓangaren da ma'anar ta karkata, amma kada a ɗauke shi fassara. Aikinsa a ƙamus shi ne ya nuna maka shafi.

Jigogin nawa ne, kuma dole ne in haddace su?

Yawansu ya danganta da ƙamus ɗin da ka riƙe. Xu Shen, wanda ya rubuta Shuowen Jiezi wajen shekara ta 100 miladiyya, ya kasa haruffa gida 540. A 1615 Mei Yingzuo ya rage su zuwa 214 a ƙamus ɗinsa Zihui, ya kuma jera su bisa yawan zane. Ƙamus na Kangxi, wanda ya fito a 1716, ya ɗauki wannan tsari, shi ya sa har yau ake cewa jigogin Kangxi 214. Su ne ake bi a ƙamus na rubutun gargajiya, irin na Taiwan da Hong Kong, da tsofaffin ƙamus na Turawa kamar na Mathews na 1931.

A babban yankin ƙasar Sin lamarin ya canja bayan an sauƙaƙa rubutu. Tsofaffin bugun Xinhua Zidian, ɗan ƙaramin ƙamus ɗin da kusan kowane ɗan firamare yake da shi, suna da jigo 189. A 2009 hukuma ta fitar da jeri mai 201, bugu na 11 na shekarar 2011 kuma shi ya bi.

Ba sai ka haddace su duka ba kafin ka fara. Wasu jigogin haruffa kaɗan ne a ƙarƙashinsu, wasu kuwa ɗaruruwa. Waɗanda za ka riƙa cin karo da su kullum ba su wuce arba'in zuwa hamsin ba: ruwa 氵, hannu 扌, baki 口, itace 木, ciyawa 艹, mutum 亻, zuciya 忄, magana 讠, ƙarfe 钅, zare 纟, ƙasa 土, mace 女, wuta 火, ƙwaro 虫, gora ⺮, tafiya 辶 da makamantansu. Abin da ya wajaba shi ne ka san su da ido, ka kuma san zane nawa ne a kowanne. Sauran za su zauna maka a ka da yawan buɗe shafin.

A nuna mini aikin daga farko har ƙarshe da harafi ɗaya.

Bari mu ɗauki 湖, da ƙamus irin Xinhua Zidian. Cikin littafin an jera shi bisa pinyin, wato furucin Sinanci da aka rubuta da haruffan boko, daga a zuwa z. Fihirisar jigogi tana gaba, kafin a shiga ainihin ƙamus, kuma kashi uku ce: jerin jigogin kansu, 部首目录, babban jerin haruffa, 检字表, da ɗan gajeren jeri na haruffa masu wuyar nema, 难检字笔画索引.

Da farko raba harafin da ido. Akwai 氵 a hagu, sauran kuma 胡 ne. Jigon yana da zane 3. Buɗe jerin jigogi, nemi rukunin masu zane 3, wanda aka rubuta wa 三画 a kai, ka bi shi har ka ga 氵. Akwai lamba a gefensa. Nan ne sababbin masu koyo suke yin tuntuɓe na farko: wannan lamba ba shafin cikin ƙamus ba ce, shafin babban jerin haruffa ce, wanda yake da nasa lambobin daban a gaban littafi. In ka tafi da ita cikin ƙamus za ka faɗa kan abin da ba shi da alaƙa da nemanka.

Ka je wannan shafi na 检字表, ka sami kan sashen ruwa. Yanzu ajiye jigon gefe ka ƙirga abin da ya rage. 胡 ya ƙunshi 古 da 月. A 古 akwai 十 mai zane 2 da 口 mai zane 3, ya zama 5. 月 yana da 4. Jimilla 9. Sauka cikin sashen ruwa har ka kai ƙaramin kan da aka rubuta 九画. Ka lura, 9 za ka nema, ba 12 ba, domin ba a haɗa zanen jigo a wannan ƙirga.

A ƙarƙashin 九画 haruffan suna da yawa, domin sashen ruwa yana cikin mafiya girma. Za ka ga 港 da 温 da 渴 da 游 da 渡, duk ragowarsu 9. Bi su a hankali har idonka ya faɗa kan 湖. Lambar da ke gefensa ita ce ta shafin cikin ƙamus. Ka buɗe, za ka tarar kana sashen hu, an rubuta hú, ma'anarsa tafki.

Karon farko aikin yana iya cin minti biyar ko fiye. Da hannu ya faɗa, bai kai minti ɗaya ba.

Idan haruffan da ke da ragowa iri ɗaya sun cika shafi, dole sai na duba su ɗaya bayan ɗaya?

A ƙamus na zamani na ƙasar Sin, a'a. An jera su bisa irin zanen farko na ragowar, kuma jerin ba ya canjawa: na kwance 一, na tsaye 丨, mai gangarawa hagu 丿, ɗigo 丶, sai mai lanƙwasa 乛. Yara a makaranta suna rera shi: héng, shù, piě, diǎn, zhé. Zane mai ɗagawa sama zuwa dama ana lissafa shi da na kwance, mai gangarawa dama kuma ana lissafa shi da ɗigo.

A misalinmu, 胡 ya fara da zanen kwance na 十, don haka 湖 yana can sama kusa da farkon rukunin. 温 yana tsakiya, saboda 日 ya fara da na tsaye. 游 da 渡 suna ƙasa, saboda ragowarsu ta fara da ɗigo. Wannan ɗan sani yana rage wahalar ido ƙwarai, musamman da yake rubutun fihirisa ƙanana ne.

Yaya ake ƙirga zane? Ina samun lamba daban duk lokacin da na ƙirga.

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a nan, domin yawancin neman da ya ci tura a ƙirga ya lalace, ba a jigo ba.

Zane ɗaya shi ne abin da alƙalami ya ja daga inda ya sauka a takarda zuwa inda aka ɗaga shi. Ko ya karya kwana, ko ya yi ƙugiya a ƙarshe, muddin ba a ɗaga ba, ɗaya ne. Amma ba kai za ka zaɓi inda za a ɗaga ba. Al'adar rubutun ce ta riga ta yanke, kuma sai an koya.

Ɗauki 口. Ido yana ganin gefe huɗu, sai mutum ya ce 4. Amsar 3 ce: gefen hagu, sannan sama da dama a ja ɗaya, sannan a rufe ƙasa. Duk wani akwati a rubutun Sinanci haka ake yin sa, kusurwar sama ta dama ba a ɗaga alƙalami a kanta. Saboda haka 日 yana da 4, 目 yana da 5, 田 ma 5. Wanda ya riƙe wannan ƙa'ida kaɗai ya gyara rabin kurakuransa.

Sai masu lanƙwasa da yawa. 弓 ga ido kamar zane shida, amma 3 ne, na ƙarshen yana karyawa sau biyu ya ƙare da ƙugiya. 马 ma 3 ne. 乃 2 ne. 女 3 ne, na farkonsa yana gangarawa hagu ya juyo dama ba tare da an ɗaga ba. 山 3 ne, domin gefen hagu da ƙasa ja ɗaya ne. 出 5 ne, ba 6 ba. Mutane suna ganin kamar 山 biyu aka ɗora, alhali zanen tsakiya guda ne ya ratsa daga sama har ƙasa. 凹 da 凸, duk da kwanoninsu, kowanne 5 ne.

Akwai kuma akasin haka, inda abin da ka ɗauka ja ɗaya ne yake zama biyu. 了 2 ne, 子 kuma 3: ana ɗaga alƙalami bayan lanƙwasar sama kafin a ja ta ƙasa.

Rubutun ɗab'i ma yana ruɗa mutum. A irin haruffan da ake buga littattafai da jaridu da su, zanen da ya sauko ya ɗaga dama yakan fito da ɗan ƙafa a gindi, sai ya yi kama da zane biyu. Dubi ɓangaren hagu na 比, ko gindin 衣 da 长. Ba biyu ba ne. 比 4 ne, 衣 6, 长 4.

Shawarata ita ce kada ka ƙirga da ido. Rubuta harafin da yatsa a tafin hannu, ko a takarda, kana ƙirgawa da baki. Kuma ka ƙirga ɓangare-ɓangare. Wanda ya san 口 3 ne, 木 4, 日 4, 目 5, 田 5, 言 7, ba ya fara ƙirga daga sifili, tarawa yake yi. Harafi mai ban tsoro irin 警, wanda ake gani a gargaɗin 警告 a jikin injuna, yana sauƙi da haka: 言 a ƙasa shi ne jigo, sama kuma 艹 3, 句 5, 攵 4, ragowa 12 ke nan.

Na ƙirga da kyau amma ban ga harafin ba. Me zan yi?

Duba rukunin da ke sama da wanda ke ƙasa, wato ƙari ɗaya da ragi ɗaya. Wannan ba gazawa ba ce, haka ƙwararru ma suke yi. Wani lokaci laifin ba naka ba ne, domin ƙasashen ba su daidaita a kan ƙirgar wasu ɓangarori ba. 艹 zane 3 ne a babban yankin Sin, amma a rubutun Taiwan an raba shi biyu ya zama 4. 阝 2 ne a ƙamus na Beijing, wasu ƙamus kuma suna lissafa shi 3. Idan ɗayan waɗannan yana cikin ragowar da kake ƙirgawa, lambarka tana iya saɓawa da ɗaya ko da ba ka yi kuskure ba.

In ƙari ɗaya da ragi ɗaya ba su fito da shi ba, daina ɓata lokaci a wannan sashe. Jigon ne ba shi ba.

To, in ɓangarori biyu ko uku duk jigogi ne, wanne zan ɗauka?

A ƙamus na zamani fara da hagu, ko sama, ko abin da ya kewaye harafin daga waje. In ɓangaren da ke nan jigo ne, gwada shi. In ba jigo ba ne, koma dama, ko ƙasa, ko ciki. Wannan shi ne ruhin ƙa'idar 2009, wadda ta dubi wuri, ba ma'ana ba, don mai neman da bai san harafin ba ya iya samunsa.

Misali 酱, wanda za ka gani a kwalbar miyar waken soya, 酱油. Abin da ke sama a dunƙule ba jigo ba ne, sai ka sauko ƙasa ka sami 酉 mai zane 7. Ragowar sama 6 ce. Za ta kai ka jiàng. Haka 想: 相 da ke sama ba jigo ba ne, don haka 心 na ƙasa za ka bi, ragowa 9. Kada ka tsaga 相 ka ɗauki 木 na kusurwa tun ba ka gwada rabawa biyu ba. Babbar tsaga ake fara dubawa.

Ƙamus masu bin Kangxi kuwa ma'ana suke bi, kuma nan ne wahalar take. Haruffa uku za su nuna maka: 問 tambaya, 聞 ji, 悶 ƙunci. Duka ukun suna cikin ƙofa, 門, wadda ita ma jigo ce. Amma a Kangxi babu ko ɗaya a sashen ƙofa. 問 yana sashen baki 口, 聞 yana sashen kunne 耳, 悶 yana sashen zuciya 心, domin a cikinsu ƙofar sauti take bayarwa, na cikin ne ke ɗauke da ma'ana. 間 da 開 kuma suna sashen ƙofa. Babu yadda baƙo zai san wannan da kallo. Abin yi kawai shi ne ka gwada na waje, in babu ka gwada na ciki. A ƙamus na sauƙaƙan haruffa za ka sami 问 da 闻 a ƙarƙashin 门, kuma Xinhua Zidian yakan saka irin waɗannan haruffa a wuri biyu don sauƙaƙa wa mai nema. Haka 和 yake: sashen 口 a Kangxi, sashen 禾 a na zamani.

Na ga jigon sarai a jikin harafi, amma babu shi a jerin jigogi. Ina ya shiga?

Jigogi da yawa suna canja kama idan sun matse a gefe. 水 ya zama 氵, 手 ya zama 扌, 心 ya zama 忄, 人 ya zama 亻, 刀 ya zama 刂, 犬 ya zama 犭, 火 a gindi ya zama 灬. Ƙamus na zamani yana jera gajeren a rukunin zanensa, a sababbin bugu cikin baka, ya tura ka shafin da ya dace. Ƙamus na Kangxi ba ya yin wannan alheri ko yaushe. A can sai ka nemi cikakkiyar siffar: 氵 yana tare da 水 a rukunin zane 4, 艹 yana ƙarƙashin 艸 a rukunin 6, 辶 yana ƙarƙashin 辵 a rukunin 7. Amma wurin ƙirga ragowa babu abin da ya canja, jigon kake cirewa ko da wace kama ya zo.

Guda biyu sun cancanci a tsaya a kansu. Na farko 阝, mai kama da kunne. In yana hagu, kamar a 院 da 险, asalinsa 阜 ne, tudu, jigo na 170 a Kangxi. In yana dama, kamar a 都 da 部, asalinsa 邑 ne, gari, jigo na 163. Siffa ɗaya, sassa biyu daban, kuma ko a ƙamus na zamani an raba su. Dubi gefen da yake kafin ka buɗe.

Na biyu 月. Shi kaɗai wata ne. Amma a haruffan sassan jiki, irin 肝 hanta, 肺 huhu, 脚 ƙafa, 胖 ƙiba, ba wata ba ne, nama ne, 肉, wanda ya matse har ya yi kama da wata. Ƙamus na zamani ya tara su a sashen 月. A na Kangxi kuwa in ka je sashen wata za ka tarar da haruffa kaɗan, irin 朝 da 期, babu hanta babu huhu. Suna sashen 肉, rukunin zane 6. Haka 王 na hagun 理 da 球 yake a Kangxi, ana nemansa a 玉.

Waɗanne jigogi ne ke kama da juna har su ɓatar da mutum?

Mafi yawan ɓata shi ne 礻 da 衤. Ɗigo ɗaya ne tsakaninsu. Na farko zane 4, yana zuwa a haruffan ibada da sa'a, kamar 神 da 福. Na biyu zane 5, na tufafi ne, kamar 裤 wando da 被 bargo. A ƙaramin ɗab'i sai ka kusanto da takardar kafin ka bambance.

Sai 冫 mai ɗigo biyu, na ƙanƙara, da 氵 mai uku: 冷 da 冰 ba sa sashen ruwa mai ɗigo uku. Sai 口 da 囗: na farko ƙaramin baki ne da babu komai a cikinsa, na biyu katanga ce da ta kewaye wani abu, kamar a 国 da 园. Sai 土 da 士, inda tsawon zanen ƙasa ne ya raba su, da 木 da 禾, da 厂 da 广, da 宀 da 穴.

Harafin ba ya rabuwa ko kaɗan. Yaya zan yi da shi?

Abu biyu ne ke iya faruwa. Wataƙila harafin kansa jigo ne. Mutane suna mantawa da cewa akwai manyan jigogi masu zane da yawa: 鱼, 音, 香, 高, 麻, 黑, 鼻. Wani zai ɓata lokaci yana neman 鼻 a ƙarƙashin 自 ko 田, alhali yana zaune a jerin jigogi a rukunin zane 14, kuma shi ne harafi na farko a sashensa. Saboda haka kafin ka tsaga harafi, ƙirga shi gaba ɗaya ka leƙa jerin jigogi.

Ko kuma harafin dunƙule ne, irin 中 da 年 da 事. Ƙamus na zamani yakan ajiye irin waɗannan a ƙarƙashin jigogi masu zane ɗaya, yawanci bisa zanen farko: 事 a 一, 年 a 丿. In hakan bai yi ba, sai jerin masu wuyar nema, 难检字笔画索引, da ke ƙarshen fihirisa. A nan ba a cire komai, duka zanen harafin ake ƙirgawa: 年 6, 事 8. Jerin gajere ne, don haka ko ƙirgarka ta kauce da ɗaya, dubawa ba ta da wuya. Ina ganin masu koyo ba sa amfani da wannan jeri yadda ya kamata, wasu ma ba su san yana nan ba.

Me ya sa nake ganin lamba biyu a gefen harafi ɗaya?

Saboda harafin yana da furuci fiye da ɗaya, kuma cikin ƙamus bisa furuci aka jera shi, don haka yana wuri biyu. 都 misali ne mai kyau. Jigonsa 阝 na dama, ragowarsa 者 mai zane 8. Lamba ɗaya za ta kai ka dōu, ma'ana duka, ɗayar kuma dū, babban birni, kamar a 首都. Haka 行 yake: xíng tafiya, amma háng a 银行, banki. Buɗe duka shafukan, ka dubi harafin da ke maƙwabtaka da naka a rubutun da kake karantawa, shi zai nuna maka wanda ake nufi. Wanda ya tsaya a lambar farko yana iya haddace furucin da ba shi ba, kuma gyara abin da aka riga aka haddace ya fi koyon sabo wuya.

Na sami harafin, amma ma'anarsa ba ta dace da jimlar ba.

Domin yawancin kalmomin Sinanci na yau harafi biyu ne, kuma ba a barin fili tsakanin kalmomi a rubutu. 东 gabas ne, 西 yamma ne, amma 东西 yawanci kaya ne ko abu. Akwai ƙamus na haruffa, 字典, irin Xinhua Zidian, akwai kuma na kalmomi, 词典, irin Xiandai Hanyu Cidian. A na kalmomi hanyar nema ɗaya ce: ka nemo harafin farko ta jigo da zane, a ƙarƙashinsa za ka ga kalmomin da suka fara da shi, an jera su bisa pinyin na harafi na biyu. In ba ka san furucin na biyun ba, ba sai ka koma fihirisa ba, bi jerin da ido har ka ga siffarsa.

Ƙamus ɗina na sauƙaƙan haruffa ne, rubutun da nake karantawa kuma na gargajiya ne. Zai yi aiki?

Zai yi, in ƙamus ɗin mai kyau ne. Xinhua Zidian da Xiandai Hanyu Cidian suna saka siffofin gargajiya cikin baka a babban jerin haruffa, kuma lambarsu tana kai ka wurin sauƙaƙan. Abin lura shi ne ka ƙirga abin da ke gabanka, kada ka ƙirga wanda kake zato. 语 jigonsa 讠 ne mai zane 2, 語 kuma 言 mai zane 7. Ragowar duka biyun 吾 ce, 7. A wannan misali jigo ne kawai ya canja. A wasu kuma ragowar ce ke canjawa gaba ɗaya, kamar 汉 da 漢.

Akasin haka ne ke da matsala. Tsohon ƙamus irin na Mathews ya riga sauƙaƙa rubutu, wanda aka fara a 1956, don haka ba za ka dogara da shi ga sauƙaƙan haruffa ba. Furucinsa ma ba pinyin ba ne, tsarin Wade-Giles ne, inda jiang yake fitowa a matsayin chiang. Ƙamus na Taiwan kuma sau da yawa da alamomin zhuyin suke nuna furuci. Kafin ka sayi ƙamus, buɗe fihirisarsa ka nemi harafi biyu ko uku daga littafin da kake karatu da shi.

Ba zan iya tsallake duk wannan in cinci furucin daga siffar ba?

Wani lokaci za ka iya, kuma yana da kyau ka gwada bayan ka san haruffa ɗari biyar ko fiye. Ɓangaren da ba jigo ba sau da yawa sauti yake nunawa. Wanda ya san 胡 hú ne zai iya buɗe sashen hu kai tsaye ya sami 湖 da 糊 da 蝴 kusa da juna. Wanda ya san 青 zai sami 清 da 请 da 情 da 晴 duk a qing, karin sauti kawai ya bambanta.

Amma furuci ya yi tafiyar shekaru dubbai tun da aka ƙirƙiro haruffan, alamar kuma ta tsaya inda take. 猜 yana da 青 amma cāi ne. 江 yana da 工, wato gōng, amma jiāng ne. Don haka ka ba cinta dama ɗaya. In ka buɗe sashen ba ka gan shi ba, koma fihirisar jigogi nan take, kada ka yi ta yawo daga qing zuwa jing zuwa qian.

Rubutun hannu da na allunan shaguna fa?

Nan hanyar tana da iyaka. Mai rubutu da sauri yana haɗa zane biyu ko uku a ja ɗaya: 氵 yakan zama ɗigo da layi guda har ya yi kama da 讠, 口 yakan zama ɗan zagaye mai ja biyu, 灬 yakan zama layi ɗaya mai kaɗawa. Ƙirga ba ta yiwuwa a kan irin wannan. Abin da za ka iya shi ne ka gano jigon da kake zato, ka kimanta ragowar, ka duba rukuni uku ko huɗu a jere kana neman siffar da ta yi kama. In akwai harafi kusa da shi da ka iya karantawa, yi amfani da ƙamus na kalmomi: nemo wanda ka sani, ka bi kalmomin da ke ƙarƙashinsa har ka ga wadda harafinta na biyu ya yi kama da wanda ya gagare ka. Wannan dabara tana aiki ne kawai idan wanda ka sani shi ne na farko a kalmar.